Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibiya

Makon nan da kanmu za mu yi faɗa. Mun iya zagin banki idan ya riƙe mana kuɗi ya ce "matsalar netwok ce", amma ranar da aka kwace WhatsApp ɗin da muke sayar da littafi a kai, mu ma sai mu yi gum. In mun daure ƙwarai mu rubuta: "An ɗan samu matsala, a yi haƙuri." Wannan jimlar ba ta kare kowa, sai ɓarawon.

A ce marubuciya tana da zauren masu biya, mutum ɗari uku. Ranar Talata da yamma wani ya kira ta, ya ce daga ƙungiya yake, za a yi taro, ta karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarta. Tana karantowa, WhatsApp ɗinta ya koma hannunsa. Kafin isha'i ya sanar a zaure cewa sabon littafi ya fito, a tura kuɗi wani sabon asusu. Masu karatu suna ganin sunanta da hotonta, me zai sa su yi shakka? Kowace awa ta yi shiru, kuɗin wani ne ke tafiya.

Kafin ta rubuta komai, sai ta tantance abin da ya fita. Wanda ya kwace asusu daga nesa ba ya ganin tsofaffin saƙonni, don suna cikin wayarta, amma yana ganin zaurukanta da lambobin mutanen ciki, da duk saƙon da zai shigo daga baya. In kuwa wayar aka sace a buɗe, to har rasit ɗin biyan kuɗi masu ɗauke da sunaye da bankunan mutane sun tafi. Kada a rage, kada kuma a ƙara gishiri.

Ga sanarwar da muke ganin ta wajaba a kanta, ta fitar a Facebook, ta kuma roƙi wata cikin zauren ta manna a can:

"Yau Talata da ƙarfe biyar na yamma aka kwace WhatsApp ɗina, bayan na ba wani lambobi shida da aka turo min. Duk saƙon da ya fito da sunana daga lokacin ba nawa ba ne. Yana ganin lambobin wayarku, zai iya kiran ku. Kada ku tura kuɗi sabon asusu, kada ku karanta wa kowa lambar da ta shigo muku. Wanda ya riga ya tura ya kira bankinsa yanzu, ya ajiye rasit. Kowa ya kunna Two-step verification a WhatsApp ɗinsa. Gobe ƙarfe goma na safe zan sake bayani a nan."

Ku lura ta ce "na ba wani", ba ta ce "an samu" ba. Mu marubuta mun fi kowa sanin amfanin "an": da shi ake ɓoye mai aiki. Ku lura kuma ba ta ce komai zai daidaita anjima ba. Sake rajista da lambarta yana korar ɓarawon, amma idan ya riga ya sa nasa fin, za ta iya jiran kwana 7 kafin ta shiga. Don haka lokacin bayani na gaba ake alkawartawa, ba lokacin gyara ba.

Mun san abin da za a ce: tona wa kai asiri ne, masu saye za su gudu. To ai asirin ya riga ya tonu. Mutum na farko da aka damfara zai ɗauki hoton hirar ya yaɗa, sunanki ne kuma a jiki. Wadda ta yi magana a daren, an cuce ta ne. Wadda ta yi shiru kwana uku, sai a fara tambayar ko da ita aka haɗa baki.

Doka ma ba ta tare da mai shiru. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, a sashe na 40, ta ba mai riƙe da bayanan mutane awa 72 ya sanar da hukumar NDPC idan ɓarakar na iya cutar da su. Idan haɗarin babba ne, nan take zai gaya wa masu bayanan, da harshe mai sauƙi, haɗe da shawarar abin da za su yi. In haka ake nema daga banki, da wane ido za mu ba masu karatunmu ƙasa da haka?

Aikin wannan makon: kowa ya rubuta tasa sanarwar, ya bar gurbin rana da lokaci, ya ajiye ta a takarda, ba a cikin wayar da za a iya sacewa ba. Allah Ya tsare mu, Ya tsare amanar da aka ba mu.