Jinya ko ɗakin gwaje-gwaje? Abin da ya kamata a auna kafin a cike fom

Duk shekara idan aka buɗe sayar da fom ɗin JAMB, tambaya guda ce ta fi yawa a bakin iyayen da ke tuntuɓa ta. Yaro ya karanta kimiyya a sakandare, an san makinsa ba zai kai shi ajin likitanci ba, saura kwas biyu a gabansa: digirin aikin jinya ko digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. Wanne ya fi? Na lura akasari an riga an yanke hukunci a gida, wai jinya ta mata ce, lab kuma na maza. Wannan rabon gado ba shi da tushe a manhaja ko a doka, kuma ya jefa yara da dama cikin aikin da bai dace da halinsu ba.

A takarda, kwasa-kwasan biyu tamkar Hassan da Hussaini suke. Darussan da ake zaunawa a JAMB iri ɗaya ne: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kowanne shekara 5 ne a jami'a, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hidimar ƙasa. Wanda ya shiga yana da shekara 18 zai fito kasuwar aiki yana da 25, idan ba a yi yajin aiki ba, idan kuma ya sami gurbin sanin makamar aiki da wuri, abin da ba kowa ke dacewa da shi ba. A asibitocin tarayya ma tsarin albashi ɗaya suke ci, wanda ake kira CONHESS. Saboda haka duk wanda ya ce maka ɗaya ya fi sauƙin shiga ko saurin gamawa, bai duba da kyau ba.

Kafin a kai ga bambancinsu, akwai wani rami da ya kamata mai karatu ya sani, domin ya cinye shekarun yara da yawa. A jerin kwasa-kwasan da ke fitowa a allon kwamfuta akwai sunaye biyu masu kama da juna: Medical Laboratory Science da Science Laboratory Technology. Na farkon shi ne ke kai mutum ga lasisin Majalisar Kula da Kimiyyar Gwaje-gwajen Asibiti ta Nijeriya, wato MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa. Na biyun kwas ne mai mutunci, amma yana horar da masu kula da ɗakunan gwaji na makarantu, masana'antu da cibiyoyin bincike, wata hukuma ce daban ke kula da shi, kuma takardarsa ba ta ba mutum ikon sa hannu a sakamakon gwajin jinin maras lafiya a matsayin masanin gwajin asibiti. A gida duk “lab” ake ce musu. Sau da yawa idan yaro ya gaza samun na farko sai a ba shi na biyu, iyaye su yi ta murna, ba a farga ba sai an kai aji uku. Uba ya sa a karanta masa sunan kwas ɗin kalma bayan kalma kafin yaro ya danna amincewa da gurbin.

Rami na biyu ya shafi kwasa-kwasan duka. Amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i daban, amincewar majalisar sana'a daban. Majalisar Jinya da Ungozoma, NMCN, da takwararta ta gwaje-gwaje kowacce tana ƙayyade wa makaranta yawan ɗaliban da za ta yi wa rajista, gwargwadon malamai da kayan aiki da asibitin koyarwa. Idan jami'a ta kwashi fiye da adadinta, rarar ɗaliban za su yi karatun, su ci jarrabawar jami'a, amma su tsaya layi suna jiran zama jarrabawar majalisa, wadda ba a samun lasisi sai da ita. Digiri babu lasisi a wannan fage kamar mota ce babu makulli. Gane wannan ba shi da wuya: a duba sunan jami'ar a jerin da majalisar ke wallafawa, sannan a sami ɗan ajin ƙarshe a tambaye shi su nawa ne a aji, su nawa aka yi wa rajista. Amsarsa ta fi ƙasidar talla gaskiya, musamman a sababbin jami'o'i.

To, ina aikin yake? A nan ne nake ganin jinya ta yi gaba, kuma dalilin lissafi ne kawai. Mu ɗauki babban asibitin ƙaramar hukuma mai ɗakunan kwanciya shida. Maras lafiya ba ya tashi daga ciwo da ƙarfe huɗu na yamma, don haka dole a yi duti uku: safe, rana da dare. Ko da nas biyu kacal aka sa a kowane ɗaki a kowane duti, ana bukatar mutum 36 a rana guda. A mako duti 252 ke nan. Idan kowa zai yi biyar a mako, ana bukatar nas kusan 50, ba a ma sa masu hutun shekara da na haihuwa ba. Wannan asibitin kuwa ɗakin gwaji ɗaya gare shi, wanda mutane ƙalilan za su iya riƙewa, kuma galibi za ka tarar mafi yawansu masu takardar makarantar koyon kiwon lafiya ne, waɗanda albashinsu bai kai na mai digiri ba. Mai asibitin kuɗi ma haka yake tunani: masani ɗaya ya riƙe lasisi, mataimaka su yi sauran. Ba a cika guraben nas ɗin nan 50 ba a yawancin wurare, wannan gaskiya ne, amma gurbin da babu kowa a kai shi ne ake ɗaukar ma'aikaci dominsa ranar da gwamnati ta buɗe ƙofa.

Ɗalibin jinya yana da wata riba kuma. A tsarin digirin yana zaunawa jarrabawar zama nas mai rajista tun a aji huɗu, ta ungozoma kuma a aji biyar, ya fito da lasisi fiye da ɗaya. A Arewa, inda magidanta da yawa ba sa son namiji ya karɓi haihuwar iyalinsu, mace mai lasisin ungozoma ba ta cika daɗewa a zaune ba.

Sai dai na lab yana da ƙofar da ta fi buɗe masa, wato cin gashin kai. Masanin gwaji mai lasisi yana iya buɗe ɗakin gwaji nasa bayan ya yi rajista da majalisarsa da hukumar jiha, irin PHIMA a Kano. Duk wanda ya zaga kewayen Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya ga yadda wannan sana'a ta bunƙasa. Amma tana son jari: madubin ganin ƙwayoyin cuta, injin tace jini, firji, sinadaran da ake saye da farashin dala kuma suke lalacewa idan wa'adinsu ya wuce, da wutar da ba ta yankewa. Ɗan da ubansa ya sayar da amfanin gona ya biya masa kuɗin makaranta ba zai tara wannan a shekarar farko ba.

Batun fita waje, wanda shi ne a zuciyar matasa ko ba su faɗa ba, duka biyun suna da hanya, zuwa Birtaniya ko Amurka ko Saudiyya, kowacce da jarrabawarta da kuɗinta. Ta nas ta fi faɗi. Amma a tuna cewa a farkon 2024 majalisar jinya ta fito da sharaɗin sai an yi shekara biyu ana aiki kafin ta tantance takardun mai son fita, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ƙofar da sanarwa guda ke iya ƙuntatawa ba a ɗora mata shirin shekara bakwai.

Game da kuɗi, abin da ake biyan jami'a ba shi ne ke raba su ba, domin a jami'o'in gwamnati akasari rukuni ɗaya suke, sama da na sauran kimiyya. Rancen NELFUND, wanda aka fara a 2024, yana ɗauke kuɗin rajista a makarantun gwamnati tare da Naira 20,000 a wata, ba ruwa, sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa a fara biya. Abin da ke karya iyaye shi ne kuɗin da ba a rubuta a takardar shiga ba: rajistar majalisa, kuɗin jarrabawarta, bikin rantsarwa, kayan sawa, da kuɗin mota zuwa asibiti. A nan jinya ta ɗan fi tsada, saboda kowane lasisi da jarrabawarsa, kuma ana tura ɗalibi asibitin masu taɓin hankali da ƙauye ya yi makonni, sau da yawa a lokacin da sauran ɗalibai ke hutu. Yaron da ya saba yin ɗinki ko noma a hutu don ya tara kuɗin zango mai zuwa ya san da wannan.

Nauyin aiki kuwa ba a auna shi da sikeli ɗaya. Duka biyun za su sha karatun sassan jiki da yadda suke aiki a aji biyu, inda da yawa ke zubewa. Daga nan hanya ta rabu. Gajiyar nas ta jiki ce da ta zuciya: tsayuwar dare, juya wanda ba ya iya motsi, wanke gyambo, haƙuri da dangin da tashin hankali ya sa su faɗa, da rufe idon wanda ya cika a hannunka. Gajiyar na lab ta ido ce da ta natsuwa. Zai zauna a kan madubi yana neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ɗigon jini, ya shuka fitsari ya jira kwana guda kafin ya ga abin da ya tsiro, ya gwada jinin mai bayarwa da na mai karɓa da tsakar dare alhali mai haihuwa tana zubar da jini. Kuskuren suna a jikin kwalba ɗaya yana iya kashe mutumin da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: aikin madubi ya dogara da rarrabe launi, shunayya daga ja-ja, don haka yaron da ke rikita launuka ya je a gwada idonsa tukuna. Dukansu suna taɓa jini da allura, saboda haka rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku cikin wata shida, a kammala shi kafin a fara shiga asibiti.

Idan aka matsa mini in zaɓa, ga inda na tsaya. Gidan da ke jiran albashin yaro don a ɗauki nauyin ƙannensa, jinya ta fi kusa da biyan bukatarsa, muddin yaron yana iya jure mutane a ranar da suka fi wuyar sha'ani, namiji ne ko mace. Yaron da ya fi son Kemistiri da aikin shiru, wanda gidansu zai iya jiransa shekara ɗaya ko biyu ko ya tallafa masa da jari, lab ya fi dacewa da shi, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Bayero sun daɗe suna koyar da shi. Kafin a sayi fom, a nemi izini yaron ya yi yini ɗaya a ɗakin kwanciya, yini ɗaya a ɗakin gwaji na asibitin garinsu, da yamma kuma a tambaye shi a wanne ne ya riƙa duba agogo.