Mai Fassarar da Ya Yanke Gaisuwa Ya Yanke Labari

Akwai wata gajeriyar jumla ta Turanci da masu fassarar Hausa suka mayar mafaka, ma'anarta "suka gaisa". Da ita ake share minti biyu ko uku na magana a rahoton jarida, da rubutun da ke bin ƙasan fim, da bayanan ma'aikatan agaji. Hujjarsu ita ce gaisuwar Bahaushe ba ta ɗauke da labari, tun da an san tambayar kuma an san amsar kafin a buɗe baki. Masu karatu a cikinsu ma sukan jingina da Malinowski, masanin al'adun da ya yi bayani a 1923 kan irin zancen da aikinsa ƙulla zumunci kawai. Wannan hujja gurguwa ce, kuma Auyo ta isa shaida.

Auyo tana cikin masarautar Haɗejiya, a fadamar da kogin Haɗejiya ke shayarwa. Ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Calawa shi ne arzikin manoman shinkafarta, shi ne kuma fargabarsu, musamman inda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun ci gonaki da gidaje a yankin. A irin wannan gari, gaisuwar damina ta "Yaya ruwa?" tana da nauyin da ba ta da shi a kan tudu.

A ɗauka wani matashin ma'aikacin agaji ya isa ƙofar gidan wani dattijo bayan ruwa ya janye, ya durƙusa.

"Salamu alaikum. Baba, an wuni lafiya?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau, ɗana."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya iyali?"

"Lafiya lau."

"Yaya ruwa?"

"To, mun gode Allah."

"Yaya yara?"

"Da sauƙi."

Duk Bahaushen da ya ji wannan ya riga ya sami labari biyu. Amsar da aka saba bayarwa ga tambayar ruwa ita ce "Ruwa ya yi gyara." Dattijon ya kauce mata, domin ruwan bana ɓarna ya yi, kuma mai mutunci ba ya buɗe baki da ƙorafi kan abin da Allah ya saukar. Amsar tambayar yara kuwa "Lafiya lau" ce. "Da sauƙi" amsar gaida maras lafiya ce, kuma ana faɗinta ko da ciwon ya yi tsanani. Wato akwai yaro a kwance a cikin gidan nan. Matashi mai tarbiyya zai tsaya a nan, ya jajanta, ya tambayi mai jiki, kafin ya ciro takardar tambayoyinsa.

Amsoshin da ba sa canzawa su ne ma'auni, kuma da su ake gane wadda ta karkace. Wanda ya rubuta "suka gaisa" ya yar da ma'aunin da abin da aka auna gaba ɗaya.

Ɗaya ɓangaren kuma, masu fassara kalma da kalma, ɓarnarsu ba ta gaza wannan ba, ko da yake su gani suke yi suna kare al'ada. A hannunsu "Ina gajiya?" takan koma tambayar wurin da gajiya take zaune, sai dattijon ya zama abin dariya. Mafi muni, "mun gode Allah" takan fito a Turanci da sautin murna, "da sauƙi" kuma ta koma albishir cewa an samu lafiya. Mai karanta rahoton a Abuja ko Landan sai ya fahimci cewa manomin ya yi farin ciki da ruwan, yaransa kuma sun warware. Kowace kalma an fassara ta daidai, amma rahoton ƙarya ne, kuma da irinsa ake yanke shawarar inda magani da hatsi za su fara zuwa.

Gyaran yana da matakai uku. Na farko, a rage tsawon gaisuwar amma a bar ƙashin bayanta. Cikin musaya biyar ɗin can, ta gajiya ce kaɗai za a iya sadaukarwa. Sauran a bar su a jere, kuma a zaɓi kalmar Turanci guda ɗaya tak ga "lafiya lau", a maimaita ta ba tare da sauyi ba. Makaranta ta koya wa masu rubutun Turanci gudun maimaici, sai mai fassara ya riƙa canza kalma don ƙawa. A nan maimaicin shi ne aikin. Idan mai karatu ya ji amsa iri ɗaya sau biyu, kunnensa zai kama ta uku da ta bambanta, ko da bai taɓa jin Hausa ba.

Na biyu, inda amsa ta karkace, a fassara manufarta. "Mun gode Allah" ta dattijon tana bukatar kalmar Turanci mai ma'anar "duk da haka" a gefenta. "Da sauƙi" kuma tana bukatar irin abin da Bature yake faɗa idan yana jinya bai son tayar da hankali, wato ana dai lallaɓawa. A rahoto ko labari, mai fassara yana da damar ƙara rabin jumla cewa wannan ita ce amsar da ake ba mai gaida maras lafiya. Rabin jumlar nan ta fi doguwar sharhi a ƙasan shafi amfani.

Na uku, ladabi. Matashin bai ce "ka wuni lafiya" ba, "an wuni" ya ce, domin ba a nuna babba da "ka" kai tsaye a gaisuwa. Turanci kuwa wakilin suna ɗaya gare shi ga "ka" da "ki" da "ku". Don haka girmamawar sai ta nemi wata ƙofa: a bar "Baba" yadda take, a ba matashin cikakkun jumloli, a ba dattijon gajeru, a kuma ambaci durƙuson da wanda ya fara gaisuwa. Da bulama ne ko hakimi, "ranka ya daɗe" ba ta buƙatar a mayar da ita tsohon Turancin fadar sarakunan Ingila. Addu'ar tsawon rai ce, a faɗe ta a sauƙaƙe, sau ɗaya.

Masu yankewa suna da gaskiya a abu guda: fili ƙalilan ne. Rubutun ƙasan fim layi biyu ne na 'yan daƙiƙoƙi, kuma masu gaisuwa sukan yi magana a lokaci guda, muryoyinsu na hawa kan juna, abin da takarda ba za ta iya nunawa ba. Haka nan mai karatu ya bambanta. Ɗan Najeriya zai fahimci "weldon" a matsayin "sannu da aiki", amma Bature zai ji ta kamar yabon ubangida ga yaronsa. Ƙarancin fili dalili ne na zaɓe da hankali. Idan layi biyu kaɗai aka samu a gaisuwar Auyo, to a ba tambayar ruwa da tambayar yara.

Kafin mai fassara ya goge kowace gaisuwa, tambaya ɗaya ta wajaba a kansa: shin dukkan amsoshin sun zo yadda aka saba? In sun zo, ya taƙaita da kwanciyar hankali. In ɗaya ta kauce, to a nan dattijon ya faɗi abin da kunya da tawakkali ba za su bari ya maimaita ba idan aka kunna rakoda.