Ba Naira 100 Ce Ke Cinye Fanshonka Ba

'Yan uwana ɗalibai, da yawanmu mun kusa kama aiki, kuma dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari na albashinka, mai aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunka. Ra'ayina shi ne, takardar bayanin asusun da kamfanonin fansho ke turowa ba ta nuna wa ma'aikaci ainihin abin da yake biya.

Caji iri biyu ne. Na farko shi ne kuɗin kula da asusu, wanda bai wuce naira 100 a wata ba, kuma shi ake gani a takarda. Na biyu kaso ne na duk abin da ka tara, kowace shekara. Ana cire shi tun kafin a rubuta maka riba, don haka ba ka ganin fitarsa.

Mu yi lissafi. A ce ana zuba maka naira 20,000 a wata, wato 240,000 a shekara, har shekara 20. A ce jarin na kawo ribar kashi 12, cajin kuma kashi 1.5 ne, saura 10.5 ke nan. Buɗe Excel ka rubuta:

```
=FV(0.12,20,-240000)
=FV(0.105,20,-240000)
```

Layin farko zai ba ka kusan naira miliyan 17.3, na biyu kusan miliyan 14.6. Bambancin ya kai miliyan 2.7, wato ya fi abin da aka zuba maka a shekara 11! Dalili kuwa, duk nairar da aka cire bana ta tafi har da ribar da za ta haifa a sauran shekarun. Da yayyafi kogi kan cika. Ita kuwa naira 100 ɗin nan, ko an haɗa da ribarta, ba ta wuce 73,000 ba.

Wani zai ce ai ba wanda zai juya maka kuɗi kyauta, kuma hukumar PenCom ta ƙayyade cajin. Gaskiya ne, kuma kashi 12 ɗin misali ne kawai, riba na hawa tana sauka. Amma wanda ya biya kuɗin aiki ya cancanci rasit. Me zai hana a rubuta a takardar cewa bana naira kaza aka cire maka?

Kafin a kai nan, in ka buɗe asusu, tambayi kamfaninka kashi nawa ake cirewa a rukunin jarin da kake ciki, ka sa shi a lissafin nan. Sannan ka gwada ribarsa ta shekara biyar, bayan cire caji, da ta sauran kamfanoni. In yana baya, kana da damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara.