Ba yaro ke sa wa Baffa albarka ba

A Madobi da garuruwan noman rani na Kura da Bunkure, dattijai da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba. Wani zai ce maka ya fara tasawa lokacin da Audu Bako ke gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Ranar 1 ga Janairu da ke jikin katinsa kuwa, cike gurbi ce kawai. Duk da haka 'ya'ya da jikoki na aika saƙon murna ta WhatsApp. Ba mu ga laifinsu ba, sai dai saƙon kan fito tamkar takardar ofis.

A ganinmu, matsalar ita ce an juya alƙiblar magana. A wajen Bahaushe, albarka daga sama take gangarowa. "Allah ya yi maka albarka" kalmar uba ce ga ɗansa. Idan ɗan shekara 25 ya rubuta wa baffansa haka, ya hau kujerar da ba tasa ba. Abin da ya dace da bakinsa shi ne "Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana" ko "Allah ya bar mana ku". Shi kuwa "Allah ya sa a cika da imani", addu'a ce mai kyau, amma a irin wannan rana tsoho zai ji kamar ana masa sallama.

Karin magana ma haka take. Babba ne ke jefa wa yaro ita don ya koya masa wani abu. In ka rubuta wa Baffa "mai haƙuri yakan dafa dutse" kai tsaye, wa'azi ka yi masa. Mayar masa da ita a matsayin kayansa, ka ɗaure ta da abin da ya faru:

"Baffa, barka da ƙarin shekara. Ban manta shekarar da tumatir ya faɗi warwas a Kwanar Gafan ba, kuka ce mana mai haƙuri yakan dafa dutse, kuka koma gona kuka dasa shinkafa. Da kuɗinta na gama makaranta. Allah ya saka da alheri, ya bar mana ku."

Karin magana ɗaya, addu'a ɗaya, sun wadatar. Wanda ya jera huɗu ya koma maroƙi.

Kaka kuma lissafinta daban ne, domin akwai wasan jika tsakaninku. Saƙo mai cike da ladabi zai sa ta ɗauka fushi kake yi. Tsokane ta: "Matata, kin ƙara tsufa, amma da tsohuwar zuma ake magani." Addu'ar ta biyo baya.

In dattijon ba ya karatun boko, kada a bar wani yaron gida ya karanta masa yana in'ina; a aika da murya. In kuma yana cikin masu ƙyamar bikin ranar haihuwa, kada a ambaci ranar. A gaishe shi, a tambayi gona da ruwa, a yi addu'ar.