Ciniki daban, riba daban: lissafin da muka yi da ɗan ƙanwata direban manhaja

Wata biyu da suka wuce, ɗan ƙanwata ya same ni a shago a Nima, nan Accra, fuskarsa cike da fara'a. Shekara guda ke nan yana ɗaukar fasinja ta manhajar waya, irin aikin da Uber da Bolt da Yango suka kawo garin nan. Motar tasa ce, ƙaramar Toyota Vitz ta hannu, da ya saya sidi 90,000 da kuɗin gadon mahaifinsa. Ya miƙo min waya ya ce: "Kawu, duba. Sidi 3,600 na yi makon nan. Ina so in kama ciki da falo a Madina, in biya hayar shekara biyu, a sa ranar aure."

Na ce masa Allah ya sa albarka, amma ina da tambaya. Idan na sayar da atamfa ta sidi 3,600 a shagon nan, kuɗin duka nawa ne? Ya yi dariya ya ce a'a, ai akwai uwar kuɗi a ciki. Na ce to haka naka yake. Abin da waya ta nuna maka ciniki ne. Na ba shi littafi da biro, na ce kullum ya rubuta abu huɗu: lambar kilomita da ke gaban motar lokacin fita da lokacin dawowa, ƙarfe nawa ya fita ƙarfe nawa ya shigo, man da ya sha, da duk wani kuɗi da ya fita saboda motar. Bayan kwana shida muka zauna. Cinikin makon ya sake kamawa kusan sidi 3,600.

Da farko muka cire kamashon kamfani. A tasa manhajar, abin da aka yanke ya kama kashi 20 cikin ɗari, wato sidi 720. Saura 2,880. A nan yara da yawa ke ruɗewa, domin fasinjan da ya biya tsabar kuɗi duka yake damƙa maka, kamashon kuma yana can yana taruwa a matsayin bashi. Ka ji aljihu ya yi nauyi, alhali da kuɗin mutane a ciki.

Sai mai. Manhaja ta nuna ya yi tafiyar kilomita 700 da fasinja, amma lambar motar ta ce 1,200 ya ci. Ina sauran 500 ɗin? Su ne na zuwa ɗauko fasinja, da na dawowa ba kowa a mota, da na zagaye neman wuri mai ciniki, da na komawa gida. Babu mai biyan waɗannan, amma mota ba ta san da haka ba, man ta take sha. A cunkoson Accra, ga esi a kunne, lita ɗaya kilomita 12 take kai shi. Lita 100 ke nan, a kan sidi 13 da ya riƙa saya a makon, ya zama 1,300. Saura 1,580.

Da muka zo kan gyara sai ya ce: "Kawu, ai makon nan ban je gareji ba." Na ce motar ta ci, lokacin biya ne bai zo ba. Juyen baƙin mai yana cin sa sidi 400 duk kilomita 5,000, kusan sidi 100 ke nan a mako. Taya huɗu ya saya 2,000, idan sun kai kilomita 40,000, sidi 60 a mako. Muka tattara rasit ɗin birki da shokoba da batir da gyaran esi na bara, suka kama kusan 140 a mako. Jimla 300. Saura 1,280. Inshora, da takardar lafiyar mota ta DVLA, da haraji, da data, da wankin mota, da muka raba su bisa makonni, suka kama 180. Saura 1,100.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba a gani, wato tsufan motar. Na tambaye shi, bayan shekara uku tana cin kilomita dubu hamsin ko sittin a shekara, nawa za a taya ta? Ya yi shiru, ya ce ƙila 60,000. To sidi 10,000 ke zubewa a shekara, 200 a mako. Wanda bai ware wannan ba, uwar kuɗinsa yake ci yana zaton riba ce, ranar da injin ya buga kuma ba mota ba kuɗi. Saura sidi 900.

Daga nan muka duba awanni. Yana fita shida na safe ya dawo shida na yamma, awa 72 a kwana shida. Cikinsu awa 35 kacal ne akwai fasinja a mota. Sauran a tuƙi ba fasinja da kuma jira suka tafi, gindin bishiya ko bakin kanti ana kallon waya. Raba 900 gida 72, sidi 12 da rabi ke nan a awa. Na ce masa ladan awarka guda bai sayi litar mai ba. Ya daɗe yana kallon littafin. Kuma wannan makon lafiya ne, ba zazzaɓi, ba kwana biyu a gareji.

Lissafin bai tsaya a ba da tsoro ba, ya ba shi ma'auni. Mai da gyara da tsufan mota sun haɗu sidi 1,800 a kilomita 1,200, wato kowane kilomita, da fasinja ko babu, sidi ɗaya da rabi yake ci. Ɗauki tafiyar Kasoa daga shataletalen Kwame Nkrumah, kusan kilomita 30. A ce ta nuna sidi 120. Bayan kamasho saura 96. Idan ya samu fasinjan dawowa, ya ci riba. Idan ya dawo wayam, kilomita 60 ya yi, sidi 90 sun tafi, ya kwashe awa biyu ko uku a cunkoso saboda sidi 6. Ita kuwa gajeriyar tafiya ta sidi 40, kilomita takwas, ga huɗu na zuwa ɗauka, tana barin masa 14. Tun daga ranar, kafin ya karɓi kira yana duba nisan ɗauka, ya kuma tambayi kansa ko inda za a sauka akwai na dawowa.

Masu kai saƙo da abinci a babur, lissafinku ɗaya ne. Man ku kaɗan ne, amma ku rubuta mintocin da kuke zaune a ƙofar gidan abinci ana dafawa, da canjin sarƙa da taya. Mai tuƙa motar wani kuma, ya sa balas ɗin mai mota a gurbin tsufan mota, sannan a yi magana a fili tun farko kan wanda zai biya babban gyara. Tukwicin da kamfani kan bayar idan an cika adadin tafiye-tafiye, kada a ɗora haya ko kuɗin makaranta a kansa, don yau akwai gobe babu.

Yaron dai bai fasa aure ba, bai kuma bar aikin ba. Ɗaki ɗaya ya kama, hayar shekara guda. Kullum da dare yana tura sidi 85 cikin wani asusun waya na daban, kuɗin mota, ba ya taɓawa. Makon jiya famfon mai ya lalace, ya gyara bai ci bashin kowa ba. Mahaifiyarsa ta kira ni tana tambaya me na gaya masa. Na ce littafi da biro kawai na ba shi.

Idan akwai mai wannan aiki a gidanku, a ba shi littafin shi ma, a saka farashin garinku, sidi ne ko sefa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.