Waiwaye: Ɗigo Uku na Gangamau, da Karatun Rf Kafin a Zuba Kwalam

A shekarun da na yi ina duba aikin ɗaliban ajin ƙarshe a sashen ilimin sinadarai, babu ɓarnar da ta fi ba ni takaici kamar ta ruwan narkarwa. Ɗalibi zai haɗa kuɗi da ƙyar ya sayo lita biyu, ya cika kwalam da garin silika, ya wuni yana tarar abin da ke ɗigowa a ƙananan kwalabe, da yamma a duba a tarar kayan sun fito a cakuɗe kamar yadda suka shiga. Idan ka bi diddigi, kusan kullum matsalar ta faro ne daga ɗan farantin silikar da aka gwada tun da safe, wanda bai wuce tsawon yatsa ba. An auna shi, an rubuta Rf a littafi, amma ba a karanta abin da lambar ke faɗa ba.

Dabarar tsohuwa ce. Mikhail Tsvet, masanin tsirrai ɗan Rasha, shi ne a 1906 ya wallafa yadda ya raba launukan ganye ta hanyar zuba su cikin bututun gilashi da ya cika da garin alli, kuma shi ya raɗa wa aikin suna kuromatogirafi. Farantin da muke kira TLC ya biyo baya, ya bazu a shekarun 1950 da ƙoƙarin Egon Stahl a Jamus. Ka'idarsu ɗaya ce. Silika tana tsaye wuri guda tana riƙe kaya, ruwan narkarwa yana tafiya yana janyo su. Kamar ayarin matafiya ne da ya ratsa ta cikin gari: mai dangi da yawa a garin sai ya tsaya gaisuwa ƙofa-ƙofa, baƙo kuwa ya wuce abinsa. Fuskar silika cike take da rukunin OH, don haka duk sinadarin da ke da inda zai kama su, shi ne zai makara.

Rf kuwa lissafi ne mai sauƙi: nisan da ɗigo ya tafi daga layin fensir, a raba shi da nisan da ruwan ya kai. Ana aunawa zuwa tsakiyar ɗigon, kuma ana ja wa bakin ruwan layi da zarar an ciro farantin, kafin ya bushe.

Misalin da na fi son koyarwa da shi shi ne gangamau, wanda wasu ke kira kurkum, domin ɗigonsa rawaya ne, ido na ganinsa ba sai an kunna fitila ba. Idan aka tatso launinsa, manyan sinadarai uku ne a ciki: kurkumin, da demetoksikurkumin, da bisdemetoksikurkumin. Don sauƙi mu kira su na ɗaya, na biyu, na uku.

Wata ɗaliba da na taɓa dubawa ta gwada su a haɗin dikulorometen, wato CH₂Cl₂, da metanol, kashi 97 da 3. Ruwan ya hau santimita 5.0. Na ɗaya ya tsaya a 2.5, na biyu a 1.1, na uku a 0.45. Rf ɗinsu ke nan 0.50 da 0.22 da 0.09. Ta kawo mini farantin, fuskarta a yamutse.

"Malam, na ukun nan ya ƙi tashi daga layi. Na ƙara metanol zuwa kashi 10, ga shi yanzu duk sun hau."

Ta miƙo faranti na biyu. Ɗigo uku ne reras a can sama, a 4.0 da 3.5 da 3.0, wato 0.80 da 0.70 da 0.60. A ido sun yi kyau, kowanne daban, tazararsu daidai wa daida. Da wannan haɗin take shirin zuba kwalam.

Kafin mu kai ga kwalam, na tambaye ta dalilin da ya sa na ɗaya ya riga sauran. Ta ce don ya fi sauƙin nauyi. Amsar da yawancin ɗalibai ke bayarwa ke nan, kuma gangamau ya ƙaryata ta. Kurkumin ne mafi nauyi a cikinsu, 368, na ukun kuwa 308 ne, amma mai nauyin ne a gaba. Dukansu suna da OH a gefe biyu. Bambancin shi ne a kurkumin kowane OH yana da rukunin OCH₃ a maƙwabtaka, wanda yake riƙe shi ta ciki, ya rage masa damar kama silika. Na biyu gefe ɗaya kawai yake da wannan kariya. Na uku ba shi da ita sam, shi ya sa ya manne. A kan silika, yadda sinadari ke kama fuskarta ne ke yanke hukunci.

Sai na ce ta juya kowace lamba: ta raba 1 da Rf. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. A faranti, ana tsayar da tafiya da zarar ruwa ya kai sama, kowa ya tsaya inda ya kai. A kwalam ba haka ba ne, dole kowa ya yi tafiyar har ƙarshe ya fito ta ƙasa. Abin da ya ci rabin hanya yayin da ruwa ya ci hanya duka, zai buƙaci ruwa cikin kwalam biyu kafin ya fito. Saboda haka 1/Rf yana ba ka kimanin cikin kwalam nawa za ka zuba, inda "cikin kwalam" ke nufin yawan ruwan da ke cike gurabun da ke tsakanin garin silika.

Kwalam ɗinta na silika giram 30 ne, wanda ke ɗaukar ruwa kimanin mililita 40. Da haɗin 90 da 10, lissafin ya ba da 1.25 da 1.43 da 1.67, wato na ɗaya zai fito wajen mililita 50, na biyu 57, na uku 67. To, kowane sinadari ba a ɗigo ɗaya yake fitowa ba, yana bazuwa a mililita goma sha wani abu ko fiye. Tazarar mililita 7 ba za ta raba komai ba, duka ukun za su faɗa kwalabe biyu ko uku tare. Da haɗin 97 da 3 kuwa, lissafin ya ba da 2.0 da 4.5 da 11, wato mililita 80 da 180 da 440. Farantin da ta raina shi ne mai rabawa.

A lura da wani abu a nan. Tazarar 0.80 da 0.70 kusan ɗaya take da ta 0.22 da 0.09 idan da rula aka auna. Amma ta farko ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na cikin kwalam ba, ta biyun kuwa ta haura cikin kwalam shida. Tazara a ƙasan faranti ta fi tazara a samansa daraja nesa ba kusa ba. Shi ya sa a 1978, da Clark Still da abokan aikinsa biyu a Jami'ar Columbia suka wallafa hanyar tura ruwa cikin kwalam da matsin iska, suka ba da shawarar a zaɓi ruwan da zai kai abin da ake nema Rf na kimanin 0.35. Sama da haka sosai, kaya su fito a dunƙule. Ƙasa da 0.1, a ƙarar da ruwa, sinadarin kuma ya bazu a kwalabe masu yawa ya tsinke.

Ita ma ɗalibar tana da gaskiya a damuwarta kan na uku. Mililita 440 ba kaɗan ba ne. Maganinsa shi ne a fara da ruwa mai rauni har na ɗaya da na biyu su fita, sannan a ɗaga metanol zuwa kashi 5 ko fiye don a koro na uku. Ana hawa ne daga rauni zuwa ƙarfi, mataki-mataki. Haka ta yi, da miligiram 300 na kayan, ta fara busar da su a kan ɗan garin silika ta zuba a saman kwalam, domin kurkumin ba ya narkewa sosai a ɗan ruwa kaɗan. Zobba uku suka sauko ɗaya bayan ɗaya, muna kallo.

Akwai inda wannan dabara ba ta isa ba. Canza yawan kashi yana ɗaga ɗigo duka ko ya sauke su duka. Idan ka sauko da su wajen 0.3 amma har yanzu biyu suna manne da juna, ƙara wasa da kashi ɓata lokaci ne. Sai dai a canza irin ruwan gaba ɗaya. Wanda ya fara da hekzen da etil asitet, kamar yadda aka saba, ya koma dikulorometen da metanol, ko toluwin da asiton, domin kowane ruwa da irin yadda yake gogayya da kayan a kan silika. Idan kuma ɗigo ya ja wutsiya, a fara tsinka samfurin a sake ɗigawa, don sau da yawa yawa ne ya yi. In wutsiyar ba ta tafi ba, sinadari mai asid yana son ɗigon asetik asid a cikin ruwan, mai amin kuma ɗigon tirayetilamin.

Abin da nake yawan ja wa ɗalibai kunne a kai shi ne kwafo Rf daga takardar wani a ce an gane sinadari. Lambar tana canzawa da yanayi, kuma mu nan Arewa mun fi kowa shaida. Dikulorometen yana tafasa ne a wajen digiri 40, zafin da ɗakin gwaji ke kusanta a watan Afrilu. Ka bar kwalbar gwaji a buɗe, shi zai riga metanol tashi, haɗin ya ƙara ƙarfi, Rf ya hau, kuma tururinsa ba abin shaƙa ba ne. Zafin nan kan sa kumfa ta tsaga silikar cikin kwalam, ruwa ya bi tsagar ya wuce. Da damina silika na shan laima, riƙonta ya ragu, farantin da ya ba ka wata lamba da hunturu ya ba ka wadda ta fi ta a watan Agusta. Don haka a sa takardar tacewa a jikin kwalbar gwajin, a rufe na 'yan mintuna kafin a saka faranti. Idan ana son tabbatar da sinadari, a ɗiga samfuri a gefe, sanannen sinadarin a ɗaya gefen, a haɗa su biyun a tsakiya, duk a faranti guda. In na tsakiya ya rabu biyu, ba abu ɗaya ba ne. In bai rabu ba, a sake gwadawa a wani ruwan daban kafin a yi magana.

Shi ma lissafin 1/Rf kimantawa ne. Garin da ke kan faranti ya fi na kwalam laushi, kuma faranti a bushe yake farawa alhali kwalam a jiƙe yake, don haka kada a zubar da kwalba ko ɗaya sai an ɗiga ta a faranti an gani.

Roƙona ga malamai masu duba aikin ɗalibai: kada ku sa hannu a fitar da silika da ruwa daga sito sai ɗalibi ya nuna muku faranti uku ko huɗu na haɗi daban-daban, da lissafin 1/Rf na kowane ɗigo, da mililitar da yake sa ran kowane sinadari zai fito. Faranti ɗaya minti biyar yake ci da ruwa mililita biyar, kwalam ɗaya kuwa yana cin wuni guda da rabin lita.