Akuya ɗaya, hukunci huɗu: me alƙali yake nema idan ya ɗaure mutum?

Yau kotu za mu leƙa, mu tsaya a bayan kujerar alƙali mu ga abin da yake aunawa kafin ya buɗe baki.

Mu ƙaddara wani saurayi ɗan shekara 19 ya kwance akuya a kasuwar Shuwarin, nan kusa da Dutse, ya sayar da ita naira dubu 60, ya kashe kuɗin. An kama shi, an kai shi kotun majistare, ya amsa laifinsa, kuma wannan ne karonsa na farko. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960 kuma jihohinmu suka gada, ya ce wanda ya yi sata za a iya ɗaure shi har zuwa shekara 5, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyun. Ku lura da wannan "har zuwa". Doka ta yanke iyakar sama, sauran kuwa ta bar wa alƙali. To, da me zai auna? Ya danganta da abin da yake son hukuncin ya cim ma, kuma masana shari'a sun kasa manufofin gida huɗu.

Ta farko ita ce sakayya. Mai wannan ra'ayi baya yake dubawa: an yi laifi, dole mai laifi ya ɗanɗana daidai abin da ya shuka. Amfaninta biyu ne. Tana sanyaya zuciyar mai akuya, har ya ga babu dalilin ɗaukar doka a hannunsa, kuma mun san yadda taron jama'a ke yi wa wanda aka yi wa ihun ɓarawo a kasuwa. Sannan tana kafa iyaka, domin idan hukunci zai yi daidai da laifi, ba za a yi wa ɓarawon akuya hukuncin ɗan fashi da makami ba. Matsalarta ita ce ba ta da sikeli. Wata nawa ne daidai da akuyar dubu 60? Uku? Shida? Ba wanda zai iya nuna mana lissafin. Kuma ko an ɗaure shi, mai akuya bai samu ko sisi ba, sai idan kotu ta ba da umarnin a biya shi.

Ta biyu ita ce tsoratarwa, wato hukunci ya zama izina ga mai laifin da kuma masu kallo. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Alƙalin da ya ga satar dabbobi ta yi yawa a yankin zai iya cewa shekara 2, don labari ya zaga ƙauyuka. Ƙarfin wannan manufa shi ne tana neman hana laifi tun bai auku ba. Amma akwai inda take tuntuɓe. Tun a 1764 wani masani ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya yi bayanin cewa tabbacin za a kama mutum ya fi tsananin hukunci hana shi laifi. Ku gwada da makaranta: idan malamin da ke tsaron ƙofa yana nan kullum ƙarfe bakwai da rabi, latti zai ragu ko da horon shara ce kawai. Idan kuwa sau ɗaya yake fitowa a wata, ko bulala goma yake yi, ɗalibai za su ci gaba da gwada sa'a. Haka ɓarawo yake lissafi, rana dubu tasa ce. Wani aibin kuma shi ne saurayin nan zai sha shekara 2 saboda laifin da wasu ba su ma aikata ba tukuna.

Ta uku ita ce killacewa. Ita ba ruwanta da tsoro ko nadama. Muddin mutum yana bayan katanga, ba zai kwance akuyar kowa ba. Wannan tabbas ne, shi ya sa ta dace da wanda ya addabi jama'a, kamar ɗan fashi ko mai garkuwa da mutane. Sai dai tana bukatar alƙali ya yi hasashen wanda zai sake laifi, alhali ba shi da tabbas. Saurayinmu karonsa na farko ne, wataƙila ko an sake shi yau ba zai ƙara ba. Ga kuma tsada: gwamnati ce za ta ciyar da shi, ta biya gandirobobi, har kuɗin ya zarce na akuyar nesa ba kusa ba. Gidajen yarin ƙasar nan kuwa sun riga sun cika, kusan kashi biyu cikin uku na mazaunansu jiran shari'a suke yi. Sannan ranar fitowa tana nan tafe, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mai yiwuwa ya shiga yana ɓarawon akuya, ya fito ya iya fasa shago.

Ta huɗu ita ce gyaran hali. Tambayarta ita ce: me ya kai shi, kuma me za a yi kada ya koma? Idan shaye-shaye ne a yi masa magani, idan zaman banza ne a koya masa ɗinki ko kafinta. A nan ne Najeriya ta karkata a 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa hukumar gidajen gyaran hali. Dokar ta kuma tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki, da sakin mutum a ƙarƙashin sa ido, da sasanta mai laifi da wanda ya cuta. A wannan mizani, alƙali zai iya sa saurayin ya biya dubu 60 ɗin, ya kuma yi wasu makonni yana share asibiti ko kasuwa. Idan ta yi nasara, ita kaɗai ce ke mayar wa gari da mutum mai amfani. Amma sauya suna a allo ba ya samar da keken ɗinki ko malami. Gyara yana cin kuɗi da lokaci, kuma ba a yi wa mutum shi dole. Da wuya kuma a gane wanda ya shiryu da wanda ya iya nuna ladabi don a sake shi. Mai akuya ma zai iya cewa an sace masa dabba, ga shi ɓarawon ne ya samu sana'a.

Kun ga yadda laifi ɗaya ya haifi amsa huɗu: 'yan watanni, shekara 2, tsarewa gwargwadon haɗarinsa, ko biya da aikin al'umma. Manufofin suna jan juna. Ɗauri mai tsawo yana killacewa, amma yana raba mutum da makaranta da sana'a, wato yana rusa gyara. Shi ya sa alƙali ke tambaya kafin ya yanke: shekarunsa nawa, ya taɓa yi, ya yi amfani da makami, ya amsa laifi da kansa? A ganinmu, ga ɗan fari irin wannan, biyan mai akuya da gyaran hali su ya kamata su yi rinjaye, sakayya kuma ta tsaya a matsayin iyakar da ba za a tsallake ba.

Ga aikin muhawararku na wannan mako: a sauya abu ɗaya a labarin, a ce karonsa na huɗu ke nan. Wace manufa za ku sa a gaba, kuma me za ku yi hasara idan kun zaɓe ta? Ku rubuto mana, sai mun ji daga gare ku.